Wace manhaja ce ta kyauta za ta gyara fuskar amarya ba ta mayar da ita wata ba?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar hoto ku taimaka min. Bikin ƙanwata ya matso, za mu buga jota da hotonta a bango, kuma hoton da ta fi so shi ne wanda ƙawarta ta ɗauke su a wajen wani kamu da daddare. Goshinta na ƙyalli saboda hasken waya, ga kuraje uku a kumatu, fuskar kuma ta fi wuya haske don hodar da aka sa mata. Na sauke wata manhaja na danna gyaran fuska, sai ta fito kamar 'yar tsanar roba, hancin ma ya kusa ɓacewa. Da na zo ajiyewa kuma aka ce sai na biya. Wacce ce ta kyauta da za ta yi min aikin a minti goma?

Ummi Zee: Wa'alaikumus salam Anti. BeautyPlus ko YouCam Perfect, dannawa ɗaya an gama. Ni da su nake duk hotunan sitatus ɗina, ba wanda ya taɓa ganewa.

Khalifa: Remini kawai Anti. Ko hoton ya yi dishi-dishi za ta fito miki da shi tar.

Sani Mai Hoto: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo kan manhaja, tambaya biyu. Hoton ta WhatsApp aka turo miki? Kuma ita kaɗai ce a ciki ko yankowa za ki yi daga cikin mutane?

Maman Hanif: Ta WhatsApp ne Malam Sani. Su uku ne a tsaye, ita ce a tsakiya, yanko ta zan yi daga kafaɗa zuwa ɗankwali.

Sani Mai Hoto: To a nan babbar matsalar take, kurajen ma wasa ne. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi, gefen da ya fi tsawo ya dawo wajen fiksel 1600, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto. Mutum uku a ciki, idan kin yanko ta tsakiya abin da zai rage miki a faɗi bai fi fiksel 500 ba. Bangon jota kuwa yawanci girman A5 ne, santimita 14.8 a faɗi, 21 a tsawo, kuma don ya fito tsaf a wajen masu bugawa ana son kusan fiksel 1750 a faɗin. Kin ga 500 ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. A fuskar waya ba za ki ga aibu ba saboda ƙarama ce, sai an miƙo miki jota ɗari biyu ki ga idon amarya ya narke.

Ki kira ƙawar ta sake turo shi, amma ta shiga alamar maƙala abu ta zaɓi Document, ta ɗauko hoton daga can. A haka yake zuwa yadda kyamara ta ɗauke shi. Yawancin wayoyin nan, har masu rubutun 48MP ko 50MP a baya, hoton da suke ajiyewa wajen 4000 ne a 3000. Kashi ɗaya cikin uku na wannan ya haura 1300, zai yi jota ba kunya. Yadda za ki gane an turo na ainihi shi ne nauyinsa: na ainihi yakan kai megabait biyu zuwa biyar, wanda aka matse kuwa ɗari ɗaya ko biyu ne na kilobait.

Ummi Zee: Ai akwai HD yanzu a WhatsApp, ba sai an sha wahalar Document ba.

Sani Mai Hoto: Akwai, tun 2023, kuma ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma shi ma ana ɗan matse shi. Don sitatus ya isa, abin da za a kai firinta kuwa ni Document nake cewa a turo min.

Khalifa: Yaya Sani ai duk wannan shi ne amfanin Remini. Ka ba ta ɗan 500 ɗin ta mayar maka da shi babba.

Sani Mai Hoto: Za ta mayar da shi babba ƙanina, ban musa ba. Tambayar ita ce daga ina ta samo abin da ta cike gurbin da shi. Gashin ido da layin leɓe da ƙwayar fata da matsewa ta cinye, ba sa cikin hoton kuma. Irin waɗannan manhajojin an horar da su da tarin fuskokin mutane, sai su zana abin da ya fi kama da wanda ya kamata ya kasance a wurin. Idan hoton da ɗan kyansa, ƙiyasin yana zuwa kusa. Idan ya lalace sosai, za ka samu kyakkyawar fuska wadda uwar yarinyar za ta kalla ta ce wannan ba 'yata ba ce. Ka duba haƙora da ido da kunne a duk wanda ka yi, a nan yake fara tonuwa: haƙora su jeru fiye da na mai su, wushirya ta toshe, ɗan kunne ɗaya ya bambanta da ɗaya.

Sannan ba a cikin wayarka ake aikin ba, sai an ɗora hoton ta intanet. Hoton amarya ne, wasu gidajen ba za su so haka ba.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum. Wanga batu ya taɓo ni. Ni hoton mahaifina ne, Allah shi jiƙan shi, na katin shaida na da, baƙi da fari. Yarona ya sa shi cikin wata manhaja ta fito da shi sarai, amma zanen Gobirci da ke kumatunshi ya tafi duka, gefe guda ma ta maishe shi kamar tamoji na tsufa. Shin cikin waɗanda kuke faɗi akwai wadda ke maido da zanen?

Sani Mai Hoto: Allah ya jiƙansa da rahama. Naka ba gyaran fuska ba ne Malam, farfaɗo da tsohon hoto ne, amma ciwon ɗaya ne. Manhajar ta ɗauki zanen a matsayin ƙarcewar takarda ta share. Daga wanda ta riga ta gyara ba abin da zai dawo. Ka koma kan katin, ka ɗauke shi da rana a inuwa ba tare da fitilar waya ba, ka ƙara masa haske da Contrast kaɗan kawai. Zai fito da dishi-dishinsa, amma shi ne.

Ɗan Maraɗi: Amin, na gode. Katin na wajen yayata a Tibiri, sai na tafi.

Maman Hanif: Allah ya jiƙan Baba. Malam Sani ta turo, megabait 3.4 ne. Lallai da bambanci, har duwatsun ɗankwalin ina gani. To yanzu wace manhaja?

Sani Mai Hoto: Snapseed. Ta Google ce, kyauta ce gaba ɗayanta, ba talla, ba ta manna tambarinta a hoto, kuma ko kin kashe data tana aiki. Aibunta shi ne ba ta da maɓallin da za ki danna sau ɗaya ki tashi, sai kin sa hannu. Ga yadda zan bi da hoton nan da a ce ni ne. Idan taki sabuwar fita ce wuraren maɓallan na iya canzawa, amma sunayen ki neme su.

Ki fara yanko ta da Crop, don duk abin da za ki yi bayan nan ki riƙa ganinsa a girman da za a buga. Sai haske, kafin ki taɓa ƙurji ko ɗaya. Ki shiga Tune Image, jan yatsa sama ko ƙasa yana zaɓar abin da za a gyara, hagu ko dama yana ragewa ko ƙarawa. Ki sauke Highlights zuwa wajen -30 ko -40 kina kallon goshin. Shadows ki ɗaga kaɗan, 10 zuwa 15, don wuya da ƙasan haɓa su fito. Brightness ki ƙyale shi. Mutane da yawa shi suke fara ja don fuska ta yi haske, a baƙar fata kuwa abin da yake jawowa shi ne ta yi fari-fari kamar an shafa toka.

Sai kurajen, da Healing. Sirrinsa ɗaya ne: girman burushin ba ya canzawa, hoton ne kike zuƙowa. Ki buɗe yatsu biyu ki zuƙo har ƙurjin ya kusa cika da'irar, ki ɗan taɓa sau ɗaya, kada ki goga. Yana ɗebo fatar da ke kewaye ya rufe wurin da ita. Idan kin taɓa daga nesa, da'irar za ta haɗa da gefen hanci ko leɓe, sai ki ga ya kwaso wani yanki na leɓen ya dasa a kumatu. In haka ta faru akwai kibiyar komawa baya a ƙasa, ki danna ki ƙara zuƙowa.

Na ƙarshe Portrait. Da kin shiga zai sa miki nasa gyaran da kansa, kada ki karɓa. Face Spotlight ki mayar da shi sifili, don aikinsa haska fuska da duhunta kewayenta, ke kuma matsalarki fuska ta riga ta fi wuya haske. Skin Smoothing tsakanin 15 da 25 ya isa. Eye Clarity kada ya wuce 10, musamman in ta sa kwalli, sai farin idon ya yi ƙyalli irin na wanda ya firgita.

Maman Hanif: Biyu daga kurajen sun tafi kamar ba a yi su ba wallahi. Na ukun yana dab da layin hanci, duk taɓawar da na yi sai ya jawo duhun ƙofar hancin ya shafa min a kumatu.

Sani Mai Hoto: Iyakar Healing ɗin Snapseed ke nan, ba ya barin ki nuna masa inda zai ɗebo fata, shi yake zaɓa. A tsakiyar kumatu ko goshi ba ya kuskure, a bakin layi kuwa caca ce. Ki zuƙo iya zuƙowa, ki taɓa rabin ƙurjin da ke nesa da hanci tukuna, sannan sauran. In ya ƙi, ki bar ɗan abin da ya rage. A bangon jota ba zai kai ƙwayar gero ba.

Injiniya Bash: Ni ban yarda a ce Snapseed ce ƙarshe ba. Lightroom ta waya ma kyauta ce kuma ta fi ta iya launin fata nesa. Ka shiga Color Mix ka zaɓi ruwan lemo, duk fatar mutum a nan take, baƙi ne ko fari. Ka rage Luminance fuska ta sauko ta dace da wuya, ka rage Texture fata ta yi laushi ba tare da ido ya dushe ba. Ƙwararru ita suke amfani da ita.

Sani Mai Hoto: Injiniya a launi na ba ka gaskiya, ni ma da ita nake aikin studiyo. Amma abu biyu. Healing da Masking a Lightroom na masu biya ne, su kuma Hajiya take buƙata, don kuraje gare ta da wuri guda da take son gyarawa. Na biyu, ruwan lemon da ka ce ka ja, wuyan ma ruwan lemo ne. Fuska da wuya tare za su sauka, tazarar tana nan. Hajiya, wane launi ne kayanta?

Maman Hanif: Leshi ne ruwan gwal, ɗankwalin ma haka.

Sani Mai Hoto: Ka ji ko. Da ka taɓa lemo da rawaya leshin zai bi fuskar, gwal ya koma ruwan ƙasa.

Injiniya Bash: Na yarda da batun leshin. Amma Texture ɗin fa har yanzu ya fi Skin Smoothing ɗinku kyau, a kyautar ma. Mutum ya cire kuraje a Snapseed ya ƙarasa a Lightroom mana.

Sani Mai Hoto: Ana yi. Sai dai a kyautar Texture hoton duka yake bi, aikin leshi da duwatsun ɗankwali su ma za su yi laushi. Kuma duk ajiyewa a JPG ana ɗan rasa wani abu, in za ka yi yawo tsakanin manhaja biyu ka shiga Settings na Snapseed ka sa Format and quality a 100%. Ni dai a hoto ɗaya na minti goma ban ga ribar ba, amma ra'ayi ne.

Hajiya, fuska da wuya ki yi da Selective na Snapseed. Ki danna alamar ƙari ki ɗora ɗigo a kumatu. Ki matse yatsu biyu, za ki ga ja ya rufe inda gyaran zai shafa, ki daidaita har jan ya tsaya a fuska kawai. Brightness -10 zuwa -15. Hodar da ta fi fata haske takan sa fuska ta yi fatsi-fatsi a hasken fitila, don haka a wannan ɗigon ki ƙara Saturation wajen 10, jinin fuskar ya dawo. Sai ki sa wani ɗigon a wuya ki ɗaga Brightness 10. Ana raba tazarar ne tsakanin su biyun, kada a ɗora wa ɗaya duka. Bayan kowane mataki ki danne hoton da yatsa, zai nuna miki yadda yake a da, ki saki ki ga na yanzu.

Malam Habu (Admin): Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri da tsoho. Ina iyakar wannan abin? Ɗan wana an turo masa hoton yarinya, da aka je gani sai da ya tambayi ƙanwarta ina yayar take, alhali ita ce zaune. Wannan ba yaudara ba ce?

Ummi Zee: Kai Baba Malam 😂 To kwalliyar da ake zuwa a biya dubbai a yi fa? Ita ma ai canza fuska take. Meye bambancin hodar hannu da ta waya?

Malam Habu (Admin): Ta hannu in ya zo zai gan ta a fuskarki, 'yata. Ta waya a waya take zama.

Sani Mai Hoto: Hukunci na malamai ne, ni ga yadda nake yi a shago. Abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu ina cirewa ba tare da na tambaya ba: ƙurji, maiƙo, jan ido na rashin barci. Abin da yake na mutum ne, tabo, tawadar Allah, zane, launin fata, faɗin hanci, ba na taɓawa sai mai hoton ya ce. Hoton biza ko na wata takardar hukuma kuwa ko ƙurjin ba na cirewa.

Ummi, ba ina kushe naki ba ne. Don hoton gaba da aka ɗauka da rana za a sa a sitatus, irin su BeautyPlus sun fi sauri, in kin ja ma'aunin ƙasa. Abin lura, dannawa ɗayan nan ba laushi kaɗai take yi ba, sau da yawa tana haɗawa da haska fata, rage haɓa da ƙara girman ido. Ki duba layin ƙofa ko labule a bayan kumatunki, in ya lanƙwashe an matse fuskar. Ki kuma gwada launin fuskar da bayan hannunki in ya fito a hoton.

Ummi Zee: Hmm. Na duba na jiya, ƙarfen taga ya ɗan karkace kam. Amma ni dai ba zan iya zaman ɗigo-ɗigon nan a kan kowane hoto ba gaskiya, ina da hoto talatin a rana.

Maman Hanif: Fuska da wuya sun daidaita Alhamdulillah. Saura goshin. Gefen ƙyallin ya sauka, amma tsakiyarsa akwai wani wuri kamar girman farce da ya ƙi, da na ƙara sauke Highlights sai ya zama toka-toka, ya fi muni.

Sani Mai Hoto: Wurin ya ƙone. Hasken ya yi yawa har kyamara ba ta ɗauki komai a nan ba sai fari zalla, babu launin fata a ƙarƙashi da za a tono. Rage haske a kan fari zalla toka yake bayarwa, a kowace manhaja, ta kuɗi ko ta kyauta. Ki mayar da Highlights inda yake a -35. Sai ki zuƙo ki bi gefen farin da Healing kaɗan-kaɗan daga waje zuwa ciki, ki rage faɗinsa zuwa rabi, ki tsaya. Kada ki rufe shi duka. Goshi yana da tudu, in babu ɗan haske a kai fuskar shafewa take yi, irin abin da ya faru da hancin a manhajarki ta farko.

Khalifa: Anti in kina son na kuɗin a kyauta ina da Lightroom da Facetune waɗanda aka buɗe, in turo miki ta DM.

Malam Habu (Admin): Khalifa ban da wannan a gurup ɗin nan, mun sha faɗa.

Injiniya Bash: Kuma ba don doka kaɗai ba. Wanda ya buɗe ta ba ka san me ya cusa a ciki ba, ka ba ta izinin shiga duk hotunanka, a wayar da manhajar bankinka take. Wani abin kuma Hajiya, manhajar farkon da ta ce ki biya, kin danna gwajin kyauta na kwana uku ko bakwai? In akwai kati a Play Store ɗinki, goge manhajar ba ya tsayar da cirar kuɗi. Ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki a sama, Payments & subscriptions, sai Subscriptions, ki soke a can. Matata an taɓa cire mata na shekara guda a haka.

Maman Hanif: Innalillahi, yana nan kuwa, jibi zai fara. Na soke. Allah ya saka da alheri Injiniya.

Hajiya Turai: Ni fa duk hoton da na ɗauka da wayata fuskata sumul take fitowa tun kafin in sa wata manhaja, har jikokina ba sa kama da kansu. Infinix ce. Ko ita ma sai na sauke Snapseed ɗin?

Sani Mai Hoto: A'a Hajiya, naki a kyamara yake. Tecno da Infinix da itel duk suna da gyaran fuska a cikin kyamararsu, musamman ta gaba. Ki buɗe kyamara ki nemi Beauty ko wata 'yar alamar fuska, ki kashe ko ki mayar sifili. Wanda aka riga aka ɗauka da shi a kunne ba ya gyaruwa, don haka aka ajiye shi. Kuma in za a gyara hoto daga baya gara a ɗauka da shi a kashe, laushi a kan laushi shi ke kashe fuska.

Hajiya Turai: To bari Hanifa ta dawo daga islamiyya ta duba min, ni ban ga alamar ba.

Maman Hanif: Na gama, na tura wa amarya. Ta ce ya yi, amma wai in ɗan ƙara mata haske kuma in rage kumatun 😩

Ummi Zee: Kin gani ko Anti! Turo min shi minti ɗaya.

Sani Mai Hoto: Fuskarta ce, ita ke da magana. Abin da zan ce kawai, takarda ba ta da fitila a bayanta kamar waya, hoto yakan fito da ɗan duhu a bugu fiye da yadda kike gani. Saboda haka ƙarin haske kaɗan a hoton duka, wajen 10, yana da hujja ko ba don ita ba. Ki ajiye da Export, ki kai wa mai bugawa ta Document ko a filasha, kuma ki ce ya buga miki guda ɗaya ki gani a hasken rana kafin ya saki sauran. Kumatun kuwa Snapseed ba ta da abin rage su, sai ku daidaita da Ummi.

Injiniya Bash: In ya buga gwajin ki ɗauko mana hotonsa Hajiya. Ina son ganin goshin nan a takarda, don ni har yanzu ina ganin da an rufe farin duka.